Domin Anti Halo, Ku Danna Sifili

Darakta bai ce ba zai ba ta hutu ba. Shi ba ya cewa a'a, a wajensa a'a maganar ƙananan mutane ce. Cewa ya yi, "Anti Halo, ranar da na'urar nan ta riƙe waya da kanta, ki ɗauki jakarki ki tafi. Ko sallama kada ki tsaya yi min."

A gaban Kashiya ya faɗa, da wani tsoho da ya zo da kwalbar fitsarinsa a nannaɗe cikin jarida. Don haka akwai shaidu.

Wurin ɗakin gwaje-gwaje ne, inda ake ɗibar jini da fitsari da sauran abubuwan da mutum ba ya so a gan shi riƙe da su. Anti Halo ce a teburin farko in ka shigo, tsakanin fanka da tukunyar fulawar roba, kan waya a maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa tun kafin a sa wa wurin tayil. Sunanta na gaskiya yana jikin katin da ke rataye a wuyanta, amma katin ya daɗe da juya baya, kuma ba wanda ya damu ya juyo shi.

Hutun kuwa saboda Auta ne, ƙanwarta. Cikin fari, wata ya kama, ga ta a wani gari da sai mota ta ci rabin yini kafin ta kai. Mahaifiyarsu ta rasu, Anti Halo ce uwar. Ta riga ta yi mata alkawari, ta ce ko ƙofar ɗakin haihuwa ce za ta riƙe, da ita za a yi. Kashiya ta yarda ta haɗa teburin da nata na 'yan kwanaki, amma da sharaɗi.

"In wayar nan za ta yi ta ihu kamar yaron da aka yaye, ni ba da ni ba. Hannu biyu gare ni, ɗaya na rasit ɗaya na hatimi. Ba ni da na uku."

Na'urar wani ƙaramin akwati ne baƙi, da Injiniya ya ɗora a sito bisa kwalayen safar hannu. Mutum zai kira, ya ji muryar da aka naɗa tana gaya masa lambar da zai danna, ya danna, kiran ya wuce kai tsaye teburin da ya dace. Injiniya mutum ne siriri mai jakar baya, magana a wajensa kamar sayenta yake yi. Da ya gama haɗa wayoyi ya ce, "Ni akwati na kawo. Abin da zai faɗa, ku za ku rubuta. Shawara dai, a gajarta."

Darakta ya ce shi zai rubuta. Ya kulle ofis, ya ce kada a dame shi. Ya fito da takarda biyu cike, har da layi a ƙarƙashin wasu kalmomi. Shi ya naɗa kuma da bakinsa, bayan ya sha ruwan ɗumi ya gyara wuyan riga, duk da an gaya masa ba hoto za a ɗauka ba.

Washegari duk wanda ya kira sai ya ji, "Barka da kiran Cibiyar Nazari da Binciken Lafiya ta Zamani, jagaba a fagen inganci, inda lafiyarku ita ce alfaharinmu." Daga nan sai yadda aka kafa cibiyar, da ɗaki ɗaya da madubin likita ɗaya da kuma hangen nesa. Sai manufa. Sai buri, wanda ashe daban yake da manufa. Can, bayan mai kira ya fara tunanin ko rediyo ya kama, sai a zo kan lambobi. "Danna ɗaya domin Ofishin Darakta. Danna biyu domin Sashen Nazarin Jini. Danna uku domin Sashen Nazarin Ƙananan Halittu. Danna huɗu domin Sashen Sinadaran Jiki." Bisa girman muƙami aka jera su. Sai da aka yi 'yar gaba tsakanin shugaban biyu da shugaban uku, waɗanda kowannensu shi ne shugaban sashen, shi ne kuma duka ma'aikatansa.

Mutane suka yi abin da mutane ke yi. Wanda ya kawo kashin ɗansa jiya bai san a wane sashe kashin ya kwana ba. Da ya ji "danna ɗaya" sai ya cire waya daga kunne ya nemi ɗaya ya danna, bai ma ji domin me ba. Kafin hantsi Darakta ya amsa tambayoyi a kan tsutsar ciki fiye da duk waɗanda ya amsa a rayuwarsa. Ya kira Injiniya, murya ƙasa ƙasa, ya ce a karkatar da ɗaya zuwa teburin Anti Halo, "na wucin gadi". Waɗanda ba su danna komai ba, na'ura ta jira su ta gaji ta turo su teburin Anti Halo. Waɗanda suka danna uku don kawai ita ce lambar da suka tuna, shugaban uku ya turo su teburin Anti Halo.

Wato an sayi akwati, an biya Injiniya, don mutane su iso wajenta kamar da, sai dai yanzu a fusace.

"Baiwar Allah, waye wannan mai wa'azin?"

"Daraktanmu ne. Me kake so?"

"Ai na manta. Tsaya in tuna."

Dokar wurin ita ce wayar hannu tana zama a loka, akwatin ajiyar ma'aikata, har a tashi. Rannan da aka tashi ta buɗe lokarta ta ga kiran mijin Auta jere kamar layin tururuwa. Tela ne, mutum mai sanyin hali, Yaya yake ce mata. Ta kira shi tana tsaye da takalmi ɗaya.

"Yaya, kwantar da hankalinki. Mun je an duba an ce ba naƙuda ba ce tukuna, mun dawo gida."

"Me ya hana ka kiran wayar ofis?"

"Na kira. Na ji tarihin kamfaninku sau biyu. Sai aka sa min kiɗa aka ce layi a cike yake. Yaya, da gaske da ɗaki ɗaya kuka fara?"

Auta ta karɓi wayar. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi kuka ta yi. Ta ce, "Ba komai Yaya, in aiki ya riƙe ki maƙwabciyarmu ta ce za ta raka ni."

Tun daga ranar zama ya gagari Anti Halo. Tana amsa waya ƙafarta na kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Ta je loka da sunan shan ruwa, ta dawo, ta sake komawa. Jakar tafiya ta riga ta haɗa, ta kawo ta ofis ta tura bayan fanka, kowa ya shigo sai ya yi tuntuɓe da ita.

Ta sami Darakta ta ce a ba ta ta rubuta abin da na'urar za ta faɗa. Ya dube ta ta saman tabarau. Shi ma dai ya gaji, don matarsa ta kira rannan ta kashe kafin a kai ga buri. Ya ce, "Ki gwada. Amma ki sani rubutun hukuma fanni ne."

Ita kuwa a ranta cewa take, in akwai mai sanin masu kiran wurin nan a duniya, ita ce. Ta san mai kira ya yi shiru don yana jin kunyar sunan gwajin. Ta san mijin da ke son jin sakamakon matarsa a ɓoye. Ta san likitan da ba ya gaisuwa. Ta zauna ta ba kowa lambarsa, ba ta bar kowa a waje ba. Da ta gama sun kai goma sha uku.

Injiniya ya duba takardar, ya duba wayar da ke kan tebur. "Anti, maɓallan lamba goma ne."

"Ga tauraro, ga wancan mai kama da taga."

"Ko su aka haɗa, sha biyu."

Ta haɗe wasu da ƙyar, kamar mai haɗa 'ya'yan mutane gado ɗaya, suka dawo tara. Ya ce ta fara faɗin buƙata sannan lamba, don mutum ya san tasa ce ta zo kafin ya cire waya daga kunne. Wannan ta karɓa. Ya ce tara sun yi yawa, kai ba ya riƙe su a ji ɗaya, kuma ta farkon ta yi faɗi da yawa. Wannan ba ta karɓa ba.

"Ɗan nan, ina amsa waya tun kana cin ƙasa. Naɗa kawai."

Ya naɗa. Ta karanto da irin saurin da take magana in layi biyu na jira, ko numfashi ba ta ja ba. Ta farkon ita ce, "Idan kuna da tambaya game da gwajinku, ku danna ɗaya." Aka haɗa ɗaya da teburin 'Yar Sakamako, wata yarinya mai sabon lalle da ke miƙa ambulan ta taga.

Kafin a ci abincin rana 'Yar Sakamako ta fito idonta ja. "Anti, me na yi miki? Mai son a zo gida ni, mai neman kwatance ni, wani ma tambayata yake ko muna cire haƙori." Ta koyi maɓallin tura kira a rana ɗaya, kuma wuri ɗaya ta san ana turawa.

Wayar Anti Halo ta ci gaba da kuka. Kashiya ta leƙo ta tagarta, ta buga hatimi a kan rasit da ƙarfin da bai kamata ba. "Darakta ya tara su a ɗaya, ke ma kin tara su a ɗaya. Ku dai jininku ya haɗu."

"Mutanen ne ba sa saurara."

"Haka ma ya ce."

Wannan ta yi mata zafi, don gaskiya ce.

Injiniya ya dawo da yamma, lokacin benci na da sauran mutane. Ya ce shi abu ɗaya ya sani. A kira lambar, a miƙa wa wanda bai taɓa ji ba, a bar shi ya ji sau ɗaya tak, a ga me zai danna. "Ke kuma Anti, ki sa hannu a baya, ki rufe baki. Ko ido kada ki yi masa."

"Ni yarinya ce?"

"A'a. Shi ya sa zai yi wuya."

Ta farko wata mata ce da yaro a kafaɗa yana jan ɗankunnenta. Aka ce ta ɗauka tana gida, tana son sanin abin da ya kawo ta yau. Ta kara waya a kunne, ko ta biyu ba a kai ba ta cire ta danna ɗaya.

Anti Halo ta kasa haƙuri. "Me kike son tambaya?"

"Ko zan karya kafin in zo a ɗibi jinin."

"To ai wannan bakwai ce!"

"Ni ban kai bakwai ba. An ce mai tambaya game da gwaji. Ni kuma tambaya ce da ni, game da gwaji." Ta gyara yaron. "Ko akwai wanda zai kira ku da tambaya game da taya?"

Kashiya ta yi tari a cikin tagarta, tarin da kowa ya san ba tari ba ne.

Na biyu tsohon nan ne mai jarida, ya dawo karɓar sakamako. Shi ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, yana gyaɗa kai. Sau ɗaya ya janye wayar ya duba maɓallan, da ya mayar an riga an wuce biyu. Da muryar ta tsaya ya miƙo wayar da hannu biyu.

"Ta yi magana mai kyau."

"Baba, me za ka danna?" in ji Injiniya.

"To, akwai wata da ta yi kama da tawa a tsakiya. Na riƙe ta. Sai aka kawo wasu a kanta, ta zame." Ya dubi Anti Halo. "'Yata, ba ke ce mai maganar ba? Gaya min kawai, ya fito?"

Ta buɗe baki, Injiniya ya dube ta, ta rufe. Hannunta a baya yana murɗa igiyar katin wuyanta. Ta ga abin da ba ta taɓa gani ba duk shekarun nan, wato ɗaya ɓangaren wayar. Mutum da yaro a kafaɗa, ko tsoho da tabarau a aljihu, yana jiran kalmarsa ta wuce ya cafke. Ba zai iya cewa na'ura "me kika ce?" ba. Ita kuma aikinta duka a kan "me kika ce?" ya ginu.

Da benci ya watse suka zauna ita da Kashiya da kofin shayi da ragowar burodi, Injiniya na gefe yana naɗe waya. Ta je loka ta dawo. Babu kira. Ta zauna, ta miƙe, ta sake zama.

"Zauna mana, kina sa ni jiri," in ji Kashiya. "Manta da takardarki. In kin ce halo, me suke cewa? Yi min muryarsu."

Anti Halo ta karkace baki. "Ya fito?"

"Sai me?"

"In ci abinci ko kada in ci?" Ta canja murya ta yi ta manyan mata. "Za ku iya zuwa gida? Mama ba ta iya tafiya." Ta sake canjawa. "Wai ta ina kuke? Kun buɗe?"

"Sai me?"

Ta nemi ta biyar. Akwai su, amma sai a yini ba a ji ɗaya ba.

"Huɗu," in ji Injiniya, bai ɗago ba.

"Ba huɗu ba ne. Matar nan da ke kira ta yi kuka kafin ta karɓi sakamako fa? Likitan nan marar gaisuwa fa? Mijin nan?"

"Sifili. Wani abu daban, sifili, ya zo teburin nan."

"Wato duk shekarun da na yi a kujerar nan, har ta ɗauki siffata, magana huɗu ce da sifili."

Kashiya ta tsoma burodi a shayi. "Ni nawa biyu ne. Kawo, ungo. Ban mutu ba." Ta tauna. "Ke zaɓi za ki yi. Ko ki zama wadda ba a iya yi sai da ita, ko ki je wajen Auta. Ba a haɗa gudu da susar gindi."

Anti Halo ta jawo takarda ta juya bayanta. Ta rubuta, ta soke. "Tambaya game da" ta fara fita. "Idan kuna da buƙatar" ta bi ta. Ta sa wadda aka fi kira saboda ita a farko. Kowace ta yi mata bakin da ba zai haɗiye 'yar uwarta ba, ta sakamako ta tsaya a sakamako, ta abinci a abinci. Duk kalmar da ta san ba ta taɓa jin mai kira ya faɗa ba, ta cire. Abin da ya rage ko rabin tafin hannu bai cika ba, har ta ji kunyarsa.

Saura Darakta. Ya karanta a tsaye, ya juya takardar ya ga ko akwai ci gaba.

"Ina tarihin cibiya? Ina manufa? Mutum ya kira ya ji kamar shagon caji?"

"Suna nan, Yallaɓai. Tara. Mun ba jawabinka lamba tasa shi kaɗai."

"A ƙarshe?"

"Yallaɓai, a wane taro ka ga babban baƙo ya yi magana da farko?"

Ya auna maganar. Bai sami inda ta karkace ba. Ya ce a tabbatar dai an ce "jawabin Darakta", ba "bayani" ba.

A sito suka naɗa, don a falo firjin magunguna na gurnani kuma ba a kashe shi, kwalaye kuma suna shanye amsa-kuwwa. Injiniya ya kashe fanka ya rufe ƙofa. Zufa ta fara bin bayanta. Ta karanta, ya ce ta yi sauri. Ta sake, ya ce ta yi sauri.

"Mota nake so in kama, ɗan nan."

"Bayan kowace lamba ki ja numfashi. Ki ba Baba lokaci ya duba maɓalli ya dawo."

Ta rufe ido ta hango tsohon da jaridarsa. Ta ce, a hankali kamar mai ba yaro magani:

"Barka da kira, nan Cibiyar Bincike ce. Domin jin ko sakamakonku ya fito, ku danna ɗaya." Ta ja numfashi. "Domin jin ko za ku ci abinci kafin gwaji, ku danna biyu." Numfashi. "Domin a zo gida a ɗibi jini, ku danna uku. Domin lokacin buɗewa da kwatancen wuri, ku danna huɗu. Domin wani abu daban, ku danna sifili. Domin jin jawabin Darakta, ku danna tara."

Ɗaya ta tafi wajen 'Yar Sakamako. Biyu wajen mai ɗibar jini, don ita ta san gwajin da ake zuwa da yunwa da wanda ba a yi. Uku wayar ma'aikacin da ke zagaya gidaje. Huɗu wata 'yar murya ce da aka naɗa daban. Wanda ya riga ya san lambarsa zai iya dannawa ba sai ya jira ba. Wanda bai danna komai ba a maimaita masa sau ɗaya, sannan a kawo shi tebur. Suka gwada a kan mai shara da wani direba da ya shigo neman banɗaki. Kowa ya danna tasa a ji ɗaya, direban ma har da cewa, "Shi ke nan?"

Da safe ta zauna a kujerarta ta jira yaƙi. Wayar ba ta ce komai ba.

Ta ɗaga kan ta kara a kunne, layi na nan. Ta ajiye. Can ciki ta ji wayar 'Yar Sakamako ta yi ƙara, aka ɗauka, "Eh ya fito, ki zo da rasit," aka ajiye. Ta mai ɗibar jini ta yi ƙara. Tata shiru. Ta goge ganyen fulawar roba ɗaya bayan ɗaya. Ta jera biro bisa tsawo. Ta juyo katin wuyanta, ta karanta sunanta, ta mayar da shi yadda yake. Ta sake ɗaga kan wayar.

"In kika ƙara ɗagawa zan ɗaure miki hannu," in ji Kashiya.

"Ƙila ta lalace."

"Ba ta lalace ba. Ba a nemanki ne."

Wayar ta yi ƙara sau 'yan kaɗan kafin rana ta ɗaga. Likita marar gaisuwa. Wani da ya yi kuskuren lamba. Sai matar nan mai kuka, wadda Anti Halo ta tsaya ta saurare ta har ta gama, karo na farko ba tare da wani layi na ƙyafta mata ido ba.

Darakta ya fito ya zagaya falo hannu a baya, ya saurari shirun kamar shi ya ƙirƙiro shi. Ta miƙe ta nuna jakarta da ido. Ya ce, "Alamu masu kyau ne. Amma a kimiyyance ba a yanke hukunci da safiya ɗaya. Mu sa ido zuwa ƙarshen mako." Ya koma ofis.

Ba ta zauna ba. Tana tsaye wayar ta yi ƙara, ta cafke kafin ta rufe baki.

"Yaya, ni ne." Muryar Tela ba sanyi yau. Tana jin ƙarar titi a bayansa. "Wannan karon da gaske ne, faya ta fashe, muna hanya. An ce wani abu daban a danna sifili, na ce to wannan dai wani abu daban ne."

Ta ɗauki jaka, fanka ta faɗi, ba ta tsaya tayar da ita ba. Ta tura ƙofar Darakta ba ƙwanƙwasawa. Injiniya na ciki da kwamfutarsa a buɗe, ya zo nuna yadda kira ya rarrabu. Kashiya ta biyo bayanta da hatimi a hannu.

"Yallaɓai, ƙanwata na naƙuda. Na'ura ta riƙe waya."

"A ƙa'idance, Anti Halo, abin da na ce shi ne…"

"Ko sallama kada ta tsaya yi maka," in ji Kashiya. "Ina wurin. Baba mai jarida ma yana wurin, in ana so a kira shi."

Darakta ya juya wajen Injiniya, neman mafaka. Injiniya ya juyo kwamfutar. "Yawanci ɗaya da biyu suke dannawa, kuma ba a turo su tebur. Sifili kaɗan ne. Tara ma ana dannawa."

Fuskar Darakta ta washe. "Kun gani? Jama'a na son sanin tushe."

"Sau shida tun jiya. Duka daga lamba ɗaya." Ya matso da fuska kusa da allon, ya saci kallon wayar Darakta da ke kan tebur. "Ta ƙare da…"

"Anti Halo," in ji Darakta, "me kike jira? Mota ba ta jiran mutum. A gaida mai jiki."

A tasha ta sami kujerar baya, kusa da wani mai buhun da ya ƙi a sa masa a but ɗin mota. Mota ta ƙi cika, sannan ta cika, sannan direba ya tafi neman abin da ba wanda ya sani. Ta kira Tela, ya ce an shiga da ita, an ce da saura. Da suka hau titi ƙafarta ba ta daina kaɗawa ba. Ta duba wayarta, ta mayar jaka, ta sake cirowa. Sai ta kira lambar ofis.

Wata mata ta yi mata barka da kira, a natse, kamar ba ta da ƙanwa a duniya. Anti Halo ta saurare ta har ƙarshe, ta danna sifili.

"Halo," in ji Kashiya, da baki cike.

"Wa ya neme ni?"

"Babu."

"Matar nan mai kuka in ta kira, kada ki katse ta. Ki bari ta…"

"Baiwar Allah, wannan layin na wani abu daban ne. Kina da wani abu daban?"

"Ba ni da shi."

"To ki je ki riƙe ƙofa."

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa asibitin, da jaka a ka da takalmi a hannu. Tela na zagaye baranda, tef ɗin awo har yanzu a wuyansa. Ya nuna mata ƙofa. Ma'aikaciyar jinya ta tare ta ta ce mutum ɗaya ake bari, wace ce ita?

Daga ciki aka ƙwala, da muryar da ba ta yi kama da ta mai cewa ba komai ba, "Yaya! Sai yanzu?"

Ma'aikaciyar ta matsa gefe.